Kaya Ɗaya, Fita Huɗu

Yau kam da kaina zan fara, domin Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kwanakin baya ina gyaran durowa na ci karo da littafina na fari, na zauna a bakin gado ina buɗe shi shafi-shafi. Ban kai tsakiyarsa ba kunya ta kama ni. Yarinyar da na gina labarin a kanta, 'yar malamin firamare ce, amma a babi ɗaya kacal ta sake kaya sau biyar. In ta sa leshi ruwan hoda, to mayafinta ruwan hoda ne, jakarta ruwan hoda, takalminta ruwan hoda, hatta duwatsun ɗan kunnenta ruwan hoda. In ta fito da yamma cikin kore, komai ya koma kore sai ka ce gonar alayyafo. Ko sau ɗaya ban bari ta maimaita kaya ba, kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina a ina ubanta yake samun kuɗin ba.

Ba ni kaɗai ba ce mai wannan laifi. Duk wadda ta saba karatun littattafanmu na soyayya ta san wannan salon, ta kuma san kalmar nan da muke ji da ita, wato mahaɗi. Jaka mahaɗin takalmi, takalmi mahaɗin mayafi, mayafi mahaɗin leshi. Da alƙalaminmu muka koya wa 'yan mata abu biyu, kuma duka biyun ba gaskiya ba ne. Na farko, wai ado shi ne komai na jikinki ya zama launi ɗaya. Na biyu, wai abin kunya ne a gan ki da kaya ɗaya a wuri biyu. Waɗannan abubuwa nake son mu zauna mu duba yau, domin na ga inda suka kusa kai ƙanwata.

Ƙanwar tawa shekararta shida da aure, haihuwarta biyu. Kayan lefenta wasu sun koɗe, wasu sun matse ta, kayan fitarta na kirki bai wuce kala biyu ba. Sai ga wani wata ya zo mata da hidima a jere. Ƙawarta ta makaranta za ta yi aure, akwai kamu akwai buɗar kai, ga kuma suna a dangin mijinta. Ta zo gidana da hantsi, ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Yaya, dillaliyar unguwarmu ta ce za ta ba ni atamfa turmi biyu bashi, in riƙa biya duk sati."

Na ce, "Da wane kuɗin za ki riƙa biya?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Zan riƙa ragewa a kuɗin cefane."

"Maigidan naki ya sani?"

Shiru ta yi. To kun ji inda maganar take. Turmi biyu, ga kuɗin ɗinki biyu, ga mayafi da jaka da takalmi na kowanne tunda dole a yi mahaɗi, duk a kan miyar 'ya'yanta, kuma a ɓoye. Ranar da dillaliya ta gaji da jira ta yi sallama a ƙofar gida maigida yana nan, wa gari ya waya?

Allah Ya sa a ranar Goggonmu tana gidana, ta zo ganin likita ta kwana biyu. Tana daga kan tabarma tana jin mu, sai ta ce, "Ke 'yar nan, je ki ɗauko min wanda ya fi dama a cikin kayan naki in gani." Washegari ƙanwata ta dawo da wata atamfa ɗinkin riga da zani, wuyan rigar zagaye ne ba wani aiki a jikinsa. Goggo ta shimfiɗa zanin a tsakar gida inda haske yake, ta ce mu faɗa mata launi nawa muka gani. Muka haɗa baki muka ce shuɗi. Ta ce mu sake dubawa. Sai ga shi launi uku ne. Ƙasan atamfar shuɗi ne mai duhu, zanen ganyen da ke kai ruwan madara ne, sa'an nan a tsakiyar kowane ganye akwai wani ɗan ɗigo ruwan goro wanda sai kin matso za ki lura da shi.

Goggo ta ce, "To kaya uku ke nan a hannunki, ke ce ba ki sani ba."

Abin da take nufi, wanda daga baya na gwada shi a kan kayana na ga haka yake, shi ne ido ba ya ganin launukan atamfa daidai wa daida. Launin da kika maimaita a kusa da fuskarki, shi ne zai taso a jikin atamfar, sauran su kwanta. In kin yafa launin ƙasan, kayan sai su yi sanyi su natsu. In kin ɗauko launin zanen, sai su yi haske. In kuwa kin ɗauko ɗan ƙaramin launin nan da ya ɓuya, to shi ne yake sa mutane su ga kamar ba su taɓa ganin atamfar ba, domin dā can ba su lura yana ciki ba.

Ga yadda aka yi da ƙanwata. Ranar kamu, rana ce ta kiɗa da haske da hotuna, don haka aka ajiye ɗankwalin atamfar gaba ɗaya, aka ɗaura mata gwaggwaro ruwan goro. Goggo ta ciro wata tsohuwar sarƙar murjani daga cikin adakarta ta ce ta ba ta kyauta, dama rabon ta ce. Launin murjanin ya yi kusa da na gwaggwaron, sai ɗigon nan na cikin ganye ya fito ɓaro-ɓaro. Mayafi kuwa shuɗi mai duhu wanda take da shi tun dā, ta saɓa a kafaɗa, da baƙin takalmi da 'yar ƙaramar baƙar jaka ta riƙewa a hannu. Ƙanwata ta so a nemo jaka da takalmi ruwan goro, Goggo ta hana. Ta ce launi mai ƙarfi wuri biyu ya ishe shi, in ya kai wuri huɗu ya daina ado ya koma ihu.

Bayan kwana biyu aka yi buɗar kai, kuma mutanen da suka gan ta a kamu su ne dai za ta tarar. A nan ne hankalinta ya fi tashi. Aka wanke kayan aka goge. Wannan karon ta ɗaura ɗankwalin atamfar, ta yafa babban mayafi ruwan madara, ta sa siririyar sarƙar azurfa da ɗan kunnenta, ba murjani ba gwaggwaro. Wadda ta fito ranar kamu kamar wuta, yau ta fito fes kamar an wanke ta da nono. Ranar suna kuma, tunda gidan surukai ne kuma ta san aiki za ta sha, ta sa ɗan kunnen gwal ɗinta ƙarami na aure, ta cire awarwaro domin hannunta zai shiga ruwa da miya, ta ɗauki babbar jaka wadda za ta ci sabulu da kayan jaririn da ta saya na barka, ta koma ga mayafinta shuɗi. Ana cikin haka aka yi rasuwa a maƙwabtansu, wadda ba ta cikin lissafi. Ta zura hijabi mai duhu a kan kayan nan dai, ba sarƙa, ba abin hannu mai ƙara, da silifas a ƙafarta.

Fita huɗu ke nan da atamfa ɗaya. Abin da aka saya sabo biyu ne, gwaggwaro da mayafi ruwan madara, kuma kuɗinsu a haɗe bai kai na turmi ɗaya ba. Ko wajen sayen ma akwai dabarar da Goggo ta koya mana. Da za mu shiga Kantin Kwari ta ce mu tafi da ɗankwalin atamfar a jaka, kada mu dogara da abin da ido ya riƙe. Ta kuma ce duk mayafin da muka zaɓa mu roƙi mai shago mu fito da shi bakin ƙofa mu kara shi da ɗankwalin a hasken rana, domin ƙwan lantarkin cikin shago yana rina launi. Gaskiyarta kuwa. Wani da muka ɗauka ruwan madara ne a ciki, da muka fito waje sai ga shi yana ɗaukar ido kamar ruwan ƙwai.

Wata za ta ce, to ba a gane ba? An gane mana. A wurin buɗar kai wata ƙawarsu mai baki ta ce, "Ke, wannan ba ita ce ta ranar kamu ba?" Ƙanwata ta ce ita ce. Sai waccan ta ce, "Wallahi ta fi kyau yau." Magana ta ƙare a nan, ba wanda ya mutu. Wannan shi ne abin da nake so mu fahimta. Sauya ɗankwali da sarƙa da jaka ba ɓoye talauci ba ne, ba kuma yaudarar idon mutane ba. Kayan da ke jikinki suna rufe ki ne, amma waɗannan ƙananan su ne suke faɗa wa mutane kin san inda kika zo. Su ne suka bambanta mai zuwa kamu da mai zuwa gaisuwa, alhali zani ɗaya suka ɗaura.

In kina shakkar cewa abin da ke kai ya fi tsayawa a ran mutane, ki duba sunayen ɗaurinmu. Har gobe akwai masu cewa ɗaurin Maryam Babangida, alhali mijinta ya bar mulki tun 1993, ita kuma ta rasu a 2009. Bayan bikin Zahra Buhari a ƙarshen 2016, sai ga ɗaurin ɗankwali ya fito da sunanta ya zaga gari. Ga ture-ka-ga-tsiya da iyayenmu suka sani. A cikinmu wa za ta iya faɗin zanen atamfa ko leshin da waɗancan matan suka sa? Ɗaurin ne ya zauna. Fuska ake kallo in ana gaisawa, kuma abin da ya kewaye fuskar shi ake tafiya da shi gida.

Sai dai fa kada a ce na ce a tara komai a jiki. Akwai matan da suka ji wannan magana suka wuce gona da iri, sai ki ga sarƙa mai faɗi, ɗan kunne har kafaɗa, awarwaro shida, zobe a kowane yatsa, ga tabarau a goshi. Ƙa'idar mai sauƙi ce, abu ɗaya ne zai yi magana, sauran su yi shiru. Kuma wuyan rigarki ne yake yanke hukunci kafin ke. In an yi wa wuyan aiki, ko an jera masa duwatsu, to ya riga ya sa sarƙarsa, ki bar shi da ɗan kunne kawai. In kika ɗora sarƙa a kan aikin, ba a ga sarƙar ba, ba a ga aikin ba, ga shi kuma tana kama zare tana tsinka shi. Wuya zagaye wanda ba komai, irin na ƙanwata, shi ne yake karɓar murjani ko sarƙa mai nauyi. Shi ya sa nake ba mata shawara, in kuɗinki na ɗinki ɗaya ne, ki ce wa tela ya bar miki wuyan a sake. Rigar da aka cika wa ado fuska ɗaya gare ta har ta tsufa.

Yanzu bari in zo kan ramin da na faɗa da ƙafata, domin wannan hanya ma tana da nata haɗarin, kuma sunansa aro. Da yake sarƙa ƙarama ce, tana shiga tafin hannu, sai mu ga kamar aronta ba komai ba ne. Shekarun baya, lokacin bikin wata 'yar'uwar maigidana, na je na ari sarƙa da ɗan kunne na gwal wurin wata maƙwabciyata da muke mutunci. Ta ba ni da hannu biyu. A wurin yinin biki aka yi turereniya wajen liƙi, mayafina ya sarƙe da na wata, na fizge. Sai da na dawo gida na tsaya gaban madubi na ga kunnena na hagu wayam. Muka koma da tocila muka share tsakar gidan bikin har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko alama.

Da na je wurin masu gwal da ɗayan, a nan na koyi abin da ban sani ba. Mutumin ya juya shi ya nuna min wata 'yar lamba a jikin maƙalin, 875, ya ce wannan karat 21 ne. Ya ce in an ga 750 to karat 18 ne, in kuma 916 ne to karat 22. Ya ɗora shi a sikeli ya ce giram uku da ɗan ɗoriya. Sa'an nan ya ce, "Hajiya, ba a sayar da ɗan kunne ƙwaya ɗaya. Ko dai a ƙera miki ɗan'uwansa, kuma da wuya su zo daidai, ko ki bar wannan a kuɗin nauyinsa ki cika ki ɗauki sabo." Kuɗin nauyi kuwa yana nufin ba za a lissafa aikin da aka yi masa ba, kuma in da duwatsu a jiki sai an cire nauyinsu. Kwasar adashina da na yi wata takwas ina zubi, wadda na ci burin sayen keken ɗinki da ita, a nan ta tafi. Maƙwabciyata ta karɓi sabon ta ce ba komai, amma na farkon tsarabar mahaifiyarta ce daga Makka, kuma mahaifiyar ta rasu. Har yau muna gaisawa, sai dai gaisuwar ba irin ta dā ba ce. Kayan aro ba ya rufe katara, na ji wannan karin magana tun ina yarinya, amma sai a ranar na san fassararta.

Don haka gara naki na fashin da gwal ɗin wata. Amma shi ma na fashin sai an san halinsa. Ruwan gwal ne aka shafa a kan wani ƙarfe, kuma abokan gabansa uku ne, gumi da ruwa da turare. Mu kuwa ga humra ga turaren fesawa. Ki gama shafa da fesa duk abin da za ki yi, jiki ya sha, sa'an nan sarƙa ta zama ta ƙarshen hawa, ta kuma zama ta farkon sauka in kin dawo. Ki goge ta da busasshen ƙyalle ki ajiye kowace a ledarta daban. In kin ga wuyanki ya yi kore-kore bayan kin cire, to rufin ya ci, jan ƙarfen da ke ƙasa ne yake haɗuwa da gumi. Wannan sabulu yana fitar da shi, sai dai sarƙar ta gama aikin fita. Wanda ya fi shi muni shi ne ɗan kunnen da yake sa ƙaiƙayi, hujin ya yi ja ya riƙa tsattsafo da ruwa. Jikin wasu matan ba ya shiri da wani farin ƙarfe da ake haɗa kayan araha da shi, kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya ba ya dawowa ya so shi. Kada ki daure don biki. Ki cire, ki koma ga azurfa ta gaske ko ɗan ƙaramin gwal ɗinki.

Tabarau ma ya shigo cikin kayan adonmu, har amare suna sa farin gilashi wanda ba na magani ba. Ba ni da ta cewa a kan wannan, yana canza fuska fiye da sarƙa ma. Abu biyu kawai nake suka. Na ɗaya, aron tabarau na magani don ya yi miki kyau. An auna shi ne da idon mai shi, ke abin da za ki samu jiri ne da ciwon kai kafin a tashi daga taro. Na biyu, shiga ɗakin mutane da baƙin tabarau. A titi da rana tsaka yana da dalili. Amma ki durƙusa gaban surukarki ko gaban mai zaman makoki ba ta ganin ƙwayar idonki, wannan ko da leshin miliyan kika zo, abin da za a tuna ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan ilimi yana cikin ɗakinmu tuntuni, a kan ƙusar da maigida yake rataye hularsa. Ku dubi mazanmu. Farar shadda ɗaya namiji zai sa ranar Juma'a, ya sa ta ɗaurin aure ranar Asabar, ya je da ita ofis ranar Litinin, ba wanda zai ce masa uffan, domin hular ce take sauyawa. In ya kafa zanna bukar mai aikin hannu an san taro za shi. In ya ɗora 'yar tashi-ka-fiya-naci an san zaman ƙofar gida ne. Kuma in kin lura da masu iya sa kaya a cikinsu, ba launin shaddar suke bi ba, launin zaren aikin wuyan rigar suke nema a jikin hular, wato dai dabarar Goggo ce ta ɗauko ƙaramin launi. Hula har magana take yi. An san Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, da fararen kaya da jar hula, daga baya kuma 'yan Kwankwasiyya suka ɗauki jar hular ta zama alamarsu. Wata rana maigidana zai je ɗaurin aure gidan wani abokinsa da ba sa jam'iyya ɗaya da masu jar hula, na miƙo masa jar dara don na ga ta hau da fararen kayan. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "So kike a ce kamfe na je yi?" Kaya ba su canza ba, amma da ya fita da ita da saƙon ya canza. Me ya sa abin da muka yarda da shi a kan mazanmu muke jin kunyarsa a kan kanmu?

Kafin in rufe, gaskiya ta sa in faɗi inda wannan dabara take tsayawa. Ba ta aiki a kan kayan da suka koɗe, ko suka matse, ko suke da tabon manja a gaba. Sabon gwaggwaro a kan koɗaɗɗiyar atamfa tona mata asiri yake yi. Saboda haka wadda za ta maimaita kaya dole ta fi kowa kula da su, wanki da sabulu mai laushi, shanya a inuwa an juya cikin waje, guga ta bai. Haka kuma atamfa mai manyan zane da launi biyar ko shida masu faɗa da juna ba ta karɓar sauyi, duk abin da kika ɗora mata ita za a gani. Kuma ba ta maganin anko. In dangi sun fitar, wannan wata magana ce ta daban da za mu yi wata rana. Abin da take yi shi ne ta raba ki da bashin da ba wanda ya ɗora miki sai tsoron bakin da, in kin duba, bai ma buɗe ba.

Zan koma inda na faro, wato kanmu marubuta. Yarinya 'yar shekara goma sha shida da take karanta littafina a ƙuryar ɗaki ba ta san ni ma kayan fitata a ƙirge suke ba. Abin da ta sani shi ne jarumar da saurayi ya mutu a kanta ba ta taɓa maimaita zani ba. Da wannan za ta shiga gidan miji, da shi za ta tsaya gaban dillaliya. In mun iya ɓata shafi guda muna lissafa ruwan hoda, ai za mu iya ɓata rabinsa mu nuna mace ta buɗe akwati ta tarar da kala biyu, ta zauna ta yi tunani, ta fito ta fi kowa. A littafin da nake rubutawa yanzu, jarumar tawa atamfa ɗaya za ta sa daga babi na uku har na bakwai, shuɗiya mai ganye ruwan madara. Na riga na faɗa wa ƙanwata, ta ce in dai zan sa atamfarta a littafi to kada in manta da murjanin Goggo.

Taku har kullum.